Yadda ake rubuta wa uwar ɗalibi gajeriyar wasiƙa idan ta turo hoton tes tana tambayar ina maki suka tafi

Wannan na rubuta shi ne saboda sababbin malamai, musamman waɗanda aka turo makarantun unguwanninmu na Kumasi irin su Aboabo da Asawase da Sawaba, inda kusan kowace uwa tana da lambar ticha a wayarta. Za ka raba takardun tes da rana, kafin sallar isha'i hoto ya shigo maka ta WhatsApp, a ƙarƙashinsa an rubuta ko an yi saƙon murya cewa Malam ka duba mini, yayansa ya ce amsar nan daidai ce to me ya sa aka yanke masa maki. Amsar da za ka bayar gajeriya ce, ba ta wuce layi goma sha biyar, amma aikin da ke gabanta ya fi rubutun yawa, kuma a nan ne yawanci ake samun matsala.

Zan bi da kai ta misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Tes ɗin lissafi ne na JHS 2, tambayoyi biyar, maki 20, yaro ya samu 13, uwarsa ta turo hoto tana neman bayanin maki 7 da ya rasa.

Kayan da za ka tara kafin ka taɓa waya

Takardar tambayoyin tes ɗin, da takardar rabon maki wadda ka yi amfani da ita lokacin da kake maki, wato wadda ta nuna kowane mataki maki nawa ne. Sai littafin da kake shigar da makin ɗalibai, don ka ga abin da ka rubuta wa yaron ranar da ka yi maki. Sai hoton da aka turo, da farar takarda da biro, domin wasiƙar a takarda za ka fara rubuta ta ba a waya ba. In ba ka rubuta takardar rabon maki ba tun farko, da ka kawai ka yi makin, to zauna yanzu ka rubuta ta kafin ka sake kallon hoton, kuma ka tuna yadda ka ba sauran yara a kan wannan tambayar, saboda iyaye a zango suna haɗuwa a wurin suna da biki da masallaci kuma suna gwada takardun 'ya'yansu, in ka ba wani 2 ka ba wani 1 a kan abu ɗaya za ka ji labari.

1. Ka amsa gaisuwa, ka ɗauki lokaci

Da hoton ya shigo kada ka fara bayani nan take, ko da kana ganin ka tuna takardar. Ka amsa sallama, ka ce hoto ya iso, za ka duba da littafinka ka ba da amsa gobe in sha Allahu bayan an tashi makaranta. Layi biyu ya isa. Uwa ta san an ji ta, kai kuma ba ka yi magana da ka ba a kan takarda ɗaya cikin takardu hamsin ko sittin da ka yi wa maki. Amma in ka ce gobe to ya zama goben.

2. Ka duba hoton kansa kafin ka duba amsoshi

A nan zan daɗe, don hoto ba takarda ba ne, kuma mutane da yawa suna mantawa da haka. Abu na farko, sunan yaron da ajinsa da kwanan wata suna cikin hoton? Gida ɗaya zai iya samun yara uku a makarantarku, kuma ya faru a turo wa malami takardar wani ajin daban. Na biyu, gefunan takardar huɗu sun fito? Mu malamai a gefen dama ko hagu muke rubuta maki da jan biro, kuma daidai wurin ne hoto yake yankewa idan an matso da waya kusa don rubutu ya fito. Na uku, bayan takardar. Yaro zai iya fara tambaya a ƙasan shafi ya ƙarasa a baya, uwa ta ɗauki gaba kawai, kai kuma ka rubuta mata cewa bai nuna aiki ba alhali aikin yana baya, to ka ga ka faɗi abin da ba haka ba kuma a rubuce.

Sai ƙananan alamomi. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi yadda aka saba, to abubuwa irin su ɗigon desimal, alamar cirewa, ƙaramin 2 da ke saman cm², da duk abin da aka rubuta da fensir, suna iya ɓacewa ko su koma kamar datti, balle in da daddare aka ɗauka da tocilar wata wayar saboda an ɗauke wuta. 1 da 7 suna rikiɗa, 4 da 9 ma haka. Idan makin da ake magana a kai ya rataya a kan irin wannan alamar, kada ka yanke hukunci daga hoto mai hazo.

Ka roƙi a sake ɗauka, kuma ka faɗi yadda za a yi dalla-dalla don ba kowa ya sani ba: a shimfiɗa takardar a kan tebur ko tabarma, da rana a bakin ƙofa ko taga, a riƙe waya a saman takardar daidai ba a karkace ba, kada inuwar hannu ta faɗa a kai, shafi ɗaya hoto ɗaya, gaba da baya. Wajen turawa a danna HD, ko a tura ta Document, wannan ba ya matse hoton. In uwar ba ta saba da waɗannan ba ka ce a ba yayan yaron ya yi. In kuma babu data ko kamarar wayar ta tsage, hanya mafi sauƙi ita ce yaro ya dawo da takardar gobe da safe a cikin jaka, kuma ni a gaskiya na fi son wannan a kan kowane hoto.

Akwai abu ɗaya mai nauyi da dole a faɗa. Takardar ta kwana a gida, to tana iya canzawa. Yaron da ke tsoron faɗa zai iya ƙara cm² da ya manta, ko ya goge amsa ya gyara, ko ya mai da 13 ta zama 18 da jan biro. Ana ganewa idan launin biro ya bambanta, ko rubutu ya matsu a wurin da babu fili, ko kuma makin hoton bai yi daidai da na littafinka ba. In ka ga haka kada ka sa shi a wasiƙa, kada ma ka yi shaguɓe. Ka nemi takardar ta dawo, ka kira yaron shi kaɗai ku yi magana. Zargi daga hoto abu ne da in ka yi kuskure ba ka iya janye shi, in kuma gaskiya ne to wataƙila duka ka aika gida. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana bulala a makaranta tun 2017, bai kamata mu riƙa aika ta gida ta waya ba.

3. Ka sake yin maki kamar ba kai ka yi na farko ba

Ɗauki takardar rabon maki ka bi tambaya ɗaya-ɗaya, kana rubuta a farar takardarka abin da yaron ya rubuta, da abin da ya samu, da abin da ya rasa. A misalinmu ga abin da ya fito.

Tambaya ta 1 da ta 3 ya cinye duka, maki 5 kowace, 10 ke nan.

Tambaya ta 2, maki 3, an ce ya haɗa 3/4 + 1/6. Ya rubuta 4/10, wato ya haɗa lambobin sama ya haɗa na ƙasa. Hanyar daidai ita ce a fara mai da lambobin ƙasa su zama ɗaya, 12, sai ya zama 9/12 + 2/12 = 11/12. Bai samu ko ɗaya ba, don tun matakin farko hanya ta kauce.

Tambaya ta 4, maki 4. Mai sayar da kaya ta sayi abu sidi 80 ta sayar sidi 100, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Ya rubuta 25% kawai, babu komai a samansa. Amsar daidai ce, kuma ita ce ta sa uwar ta turo hoto. Amma a rabon maki, cire 80 daga 100 maki ɗaya ne, samun 20 maki ɗaya, rubuta 20/80 × 100 maki ɗaya, 25% maki ɗaya. An ba shi 1, ya rasa 3.

Tambaya ta 5, maki 3, faɗin fili mai tsawon 8 cm da faɗin 5 cm. Ya rubuta 8 × 5 = 40, bai sa cm² ba. Ya samu 2, ya rasa 1.

Yanzu ka haɗa ta fuska biyu. Abin da ya samu, 10 da 0 da 1 da 2, ya ba da 13. Abin da ya rasa, 3 da 3 da 1, ya ba da 7. 13 da 7 sun cika 20, kuma littafinka ma 13 ya nuna. Kada ka tsallake wannan haɗin, don a gidajenmu akwai iyaye matan da ba su yi boko ba amma suna lissafin kuɗi a kasuwar Kejetia tun safe har yamma, in lambobinka ba su cika ba ita za ta fara gani.

In a wannan dubawar ka tarar makin farko bai yi daidai ba, ko haɗin ya kauce ko an tsallake wani aiki da ke bayan takarda, to wasiƙar ta ƙara gajarta. Ka gode mata, ka faɗi tambayar da makin da ya ƙaru, ka gyara a littafi ranar, ka sanar da hedimasta in makin ya riga ya shiga rahoton zangon karatu. Kada ka lulluɓe shi da dogon bayani a kan sauran kurakuran yaron.

4. Ka rarrabe abin da bai sani ba da abin da bai rubuta ba

Maki 7 ɗin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da uwar take bukatar ji ko da ba haka ta tambaya ba. Maki 3 na tambaya ta 2 rashin fahimta ne, aikinka ne a aji ka sake koya masa. Sauran 4 kuwa yaron ya iya lissafin, hannunsa ne bai sauke shi a takarda ba, wannan ɗabi'a ce da ake gyarawa cikin 'yan makonni kuma gida zai iya taimakawa. In ka dunƙule su ka ce bai mai da hankali ba, uwa za ta ji yaronta malalaci ne ko daƙiƙi, alhali yaron da ya fitar da 25% da ka ba daƙiƙi ba ne.

Dalilin da za ka ba ta a kan tambaya ta 4 shi ne BECE. Ƙarshen JHS 3 zai zauna jarrabawar da WAEC ke shiryawa, kuma a ɓangaren lissafi da ake rubuta aiki makin a kan matakai ake raba shi, akwai na hanya akwai na amsa, masu maki suna sa musu alamar M da A, kuma makin amsa ya dogara ne da hanyar da aka nuna. Yaron da ya nuna hanya ya yi tuntuɓe a lambar ƙarshe yana tafiya da mafi yawan makin, wanda ya sauke amsa tsirara yana iya tashi hannu wofi. Amma M da A ɗin nan naka ne kai malami, kada ka sa su a wasiƙa. Ita ka ce mata kamar mai ba da canji ne, ko canjin daidai ne ana ƙirga shi a gaban mai saye, za ta gane nan take.

5. Rubuta wasiƙar

Tsarin da nake bi ba ya canzawa sosai. Gaisuwa da godiya, abin da yaron ya yi daidai kuma ka ambaci tambayar ba yabo na gaba ɗaya ba, sai makin da ya rasa da inda za ta gan shi a hoton, sai abin da kai za ka yi, sai abu ɗaya tak da za a yi a gida. Ka yi amfani da ku ba ke ba, ko da ka girme ta, kuma ka kira ta yadda unguwa ke kiranta, Hajiya ko Mma. In uba ne, Alhaji ko Baba. Ka ambaci sunan yaron a wurin da na sa ɗanku. Ga ta:

> Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, ya gida ya kasuwa? Na gode da kuka turo hoton, na sake duba takardar da littafina. Makin ɗanku 13 ne daga 20. Tambaya ta 1 da ta 3 ya same su duka kuma aikinsa a tsare yake.
>
> Maki 7 da ya rasa a wuri uku ne. A tambaya ta 4, gaskiyarku ne amsar 25% daidai ce, amma maki 3 daga cikin 4 na nuna yadda aka kai ga amsar ne, shi kuma amsar kawai ya rubuta, za ku ga inda na ja layi na bar fili a samanta. Haka za a yi masa maki a BECE, shi ya sa nake so ya saba tun yanzu. A tambaya ta 5 ya samu 40 amma bai rubuta cm² a gefenta ba, maki 1. Waɗannan biyun ya iya, rubutawa ce bai yi ba.
>
> Tambaya ta 2 ce bai gane ba tukuna, maki 3, kuma wannan aikina ne, zan sake bi da su a aji ranar Talata in sha Allahu.
>
> A gida in yana aikin lissafi ku duba ku ga akwai layi biyu ko uku a saman kowace amsa, in babu ku ce ya rubuta yadda ya yi. Don Allah kada a yi masa faɗa a kan wannan takardar. In akwai abin da bai fito ba ina makaranta har bayan an tashi. Allah ya yi masa albarka.

Lura cewa na fara da tambaya ta 4 ba ta 2 ba, saboda ita ce ta tayar mata da hankali, kuma na ce mata gaskiyarku ne tun kafin bayani, don da gaske amsar daidai ce. Aikin da na ba ta kuma ba ya bukatar ta iya lissafin boko ko Turanci, ido kawai yake so. Ranar da ka ambata ta zama ranar da ke cikin jadawalinka da gaske, yaron zai koma gida a tambaye shi.

Abubuwan da kada su shiga: makin wani yaro ko sunansa, matsayinsa a aji in ba a tambaya ba, maganar surutu ko makara ko kuɗin da ba a biya ba, duk waɗannan su jira wata rana. Kuma kada ka yi amfani da wannan damar ka tallata darasin bayan makaranta, da zarar ka yi haka duk bayaninka ya koma kamar ka yanke makin ne don kuɗi.

6. Yadda za ka aika

Ka fara sanin wa zai karanta. Iyaye da yawa a zango suna jin Hausa sarai amma ba su saba karanta ta da boko ba, to in ka tura rubutu kawai za a miƙa wa wani yaro ya karanta, wani lokaci ma shi mai takardar, kuma zai fassara yadda ya ga dama. Shi ya sa nake tura rubutun sannan in karanta shi da bakina a saƙon murya, minti ɗaya da rabi ya isa, ba ƙari a kan abin da ke rubuce. In da murya ta turo tambayarta to murya take so. In uban ya fi sakewa da Turanci ka rubuta masa da Turanci mai sauƙi, tsarin bai canza ba.

Yana taimakawa ka mayar mata da hoton nata ka zagaye wuraren uku da alƙalamin da ke cikin WhatsApp, don idonta ya sauka daidai inda kake magana. Ka tura mata ita kaɗai. Ko da a guruf ɗin iyayen aji ta sa hoton, ka rubuta a can cewa za ka amsa mata ta gefe, ka roƙe ta cikin ladabi ta goge shi, takardar yaro mai ɗauke da sunansa da makinsa ba abin yawo ba ce.

In babu wayar da za ta karɓi saƙo, ka rubuta a takarda da hannu mai kyau, ka sa kwanan wata ka sa hannu, ka ninke ka manne, amma kada ka dogara da yaron shi kaɗai ya kai, ka kira a waya ka ce akwai takarda a jakarsa. Wasu makarantun kuma ba sa son malami ya rubuta wa iyaye sai hedimasta ya gani, ka tambaya tun makonka na farko.

7. In amsa ta dawo ba a gamsu ba

Yakan faru, yawanci a kan irin tambaya ta 4, wani kawu ko yaya zai ce tun da amsa daidai ce a ba shi makinsa. Ka sake bayani sau ɗaya a taƙaice, in ba a karɓa ba kada ka ci gaba da musayar saƙo da daddare, ka gayyace su makaranta su zo da takardar ta asali, ka ajiye takardar rabon maki a kan tebur, ka nuna musu takardar da aka yi aikin cikakke bayan ka rufe sunan mai ita. Kada ka ƙara maki don a rabu lafiya, in ka ƙara masa dole ka ƙara wa duk wanda ya yi irin haka a ajin. Abin da za ka iya bayarwa shi ne tambaya makamanciya wadda yaron zai yi a gabansu, misali an sayi abu sidi 50 an sayar sidi 60, ka ce ya rubuta kowane mataki, 60 − 50 = 10, sannan 10/50 × 100 = 20%, ka yi mata maki a wurin suna kallo kana faɗin maki ɗaya-ɗaya da inda ya fito. In abin ya wuce haka hedimasta ya shigo, kuma ka riƙe kwafin wasiƙarka da hoton da ranar da ka aika a cikin fayil ɗin ajin.